Kwalbar Sada da Ƙwaryar Buba

Malam Badaru, malamin dabbobi, ya sa wa maraƙin Sada ruwa a jijiya, ya bar maraƙar Buba da ƙwarya.

Buba da Sada uwa ɗaya uba ɗaya suke, Buba ne babba. Rugarsu tana yamma da Sundimina, turakunsu suna kallon juna. Bayan babban fari shanun Sada suka farfaɗo, na Buba suka ƙi. Abin da ya rage masa na kirki farar saniya ce guda, ita ce ta haifi maraƙar nan. Da zawo ya shiga garke ya kama 'yan maruƙan biyu, Sada ne ya je Birnin Kudu ya zo da malamin dabbobi a babur. Tun nan ran Buba ya sosu. Ƙani ya yi abin da wa bai yi ba.

Maraƙar Buba malamin ya fara dubawa, don girma. Tana tsaye, ko da yake bayanta ya ɓaci da zawo. Ya mintsini fatar wuyanta ya saki, ta ɗan jinkirta sannan ta koma. Ya ja fatar idonta ƙasa, ya ce idon ya faɗa amma kaɗan. Ya sa mata yatsa a baki, ta kama da ƙarfi tana tsotsa. Ya kwance wani ƙunshi ya miƙa wa Buba, ya ce gulukos ne da gishiri da soda. A dama a tafasasshen ruwa da ya huce, a riƙa ba ta tsakanin shan nono, kuma kada a hana ta uwarta.

Sannan ya tsallaka turken Sada. Maraƙin yana kwance, ya kasa ɗaga kai. Da aka mintsini fatarsa sai ta tsaya cak kamar ƙirgi. Ido ya shige ciki har ana ganin rami tsakaninsa da fatar. Kunnuwa da ƙafafu sanyi ƙalau. Yatsa ya shiga bakinsa ya fito, bai ko motsa harshe ba. Sada ya tambaya ko a yi masa ɗura, malamin ya hana. Ya ce dabbar da ba ta iya haɗiya, cikin huhunta ruwan zai tafi.

Ya aske gashin wuyan, ya danna jijiya ta taso, ya soka allura. Sada ya ɗaga kwalba sama, ruwa yana sauka ta siririyar roba. Mata suka bar tallen nono suka kewaye su. Har masu wucewa da jakuna suka tsaya kallo.

Buba yana gefe shi kaɗai, da ƙunshin gari a hannu. Ba wanda ya waiwayi farar maraƙarsa. A saninsa, magani allura ce. A babban asibiti ma, wanda ake ji da shi shi ake rataya wa kwalba. Gishiri kuwa, wane gida ne babu shi?

Ya matsa. “Malam, tawa kwalbar fa?”

“Baba, taka ba ta bukata. Tana tsaye, tana tsotsa. Bakinta ya isa.”

“Na Sada ba shi da baki ne?”

“Yana da shi, ya daina aiki.”

Mata suka yi dariya. Buba ya ji ta har cikin ƙashi. Ya ce ai ya gane, wanda ya hau bayan babur shi ake yi wa aikin asibiti, wanda ya zauna gida a miƙa masa kayan miya. Sada, hannunsa yana sama da kwalba, ya ce, “Haba Yaya, da za a yi musaya ai da na karɓi taka da gudu. Nawa fa mutuwa yake yi.”

Buba ya ce ba da shi yake magana ba.

Malam Badaru bai ɗago daga wuyan maraƙin ba. Ya ce kwalaben da ya zo da su duk wannan zai shanye su, gobe kuma Gwaram za shi. Idan maraƙar ta sha yau, in Allah ya yarda za ta tashi. Idan aka bar ta zawo yana zuƙe ta, ita ma za ta kwanta haka, kuma ba lallai a same shi ba.

Hapsatu, matar Buba, ta riga ta dafa ruwa ya huce. Ta zo da ƙwarya ta durƙusa, ta roƙi mijinta ya ba ta ƙunshin ta dama. A daidai lokacin maraƙin Sada ya motsa kunne, mutane suka yi kabbara. Buba ya dubi kwalbar tana ƙyalli a hannun ƙaninsa, ya dubi ƙwaryar. Ya cusa ƙunshin a aljihu.

“Maigida, ka ba ni mana,” in ji Hapsatu. “Tana neman sha.”

“Ba zan bayar ba. Maraƙata ba za ta sha ruwan gishiri ba.”