Haƙoran Surukata

Shekarata goma sha bakwai ina ɗaukar hoto, kuma duk wanda ya zauna min a shago sai ya ji wannan adadin ko bai tambaya ba. Shi ya sa da surukata za ta yi ritaya daga shugabancin makaranta, aka ce ana son hotonta babba a rataye a zauren taro, na bugi ƙirji na ce a bar min.

Hoton ya fito da kyau, tana dariya. Sai dai Mama mai shayi ce, kofi huɗu a yini, haƙoran sun ɗan yi rawaya. Na zauna gaban kwamfuta, na zagaye haƙoran, na ja haske har ƙarshe. Ina jin daɗin kaina matata ta shigo kawo min abinci. Ta leƙa ta kafaɗata.

"Baban yara, fitila Mama ta haɗiye?"

Na ce mata ba ta san aiki ba. Da ta koma gefe na ƙara dubawa: haƙoran sun fi farin idon Mama haske nesa ba kusa ba, layukan da ke tsakaninsu sun ɓace, sun zama allo guda. Na mayar da hasken a ɓoye, na zare launin gaba ɗaya. Rawayar ta tafi, amma haƙoran suka koma toka-toka kamar siminti, har dasashin da na haɗa da shi cikin gaggawa ya yi fari fat.

"Yanzu kuma sai mu kai ta asibiti," in ji matata, tana buɗe kwano.

Abincin ya huce ina sakewa daga farko. Na zagaye haƙoran kaɗai, ban da leɓe da dasashi, na sassauta gefen don kada a ga inda na yanka. Rawayar kawai na rage, na bar kaɗan daga cikinta, domin haƙori na gaske ba ya rabuwa da ita. Na ƙara haske ɗan kaɗan. Haƙoran kurya na bar su da inuwarsu. Sannan na rage ƙarfin gyaran duka kusan rabi, na ƙanƙanta hoton, na koma bakin ƙofa na kalle shi.

Ranar taron Mama ta daɗe tsaye gaban hoton, ni kuma ina bayanta, na riga na shirya fuskar karɓar yabo.

"Ɗana, ashe ba ka taɓa komai ba," ta ce. "Ka kyauta. Ni ba na son gyare-gyaren nan."

Ta juya wajen ƙawayenta malamai, ta nuna musu haƙoran. "Kun gani? Ku da kuke cewa shayi zai ɓata su."

Matata ta taka min ƙafa. Na ce, "Haka ne, Mama. Danna maɓalli kawai na yi."