Hoton Saman Ƙofar Sito

Shekara ashirin ina ɗaukar hoto, wai yau manajan kamfanin magani ne zai koya mini fuskar ƙanina. Kai, raini!

Katan uku suka ɓace a sito. Kyamarar saman ƙofa ta ɗauki wani ƙato da hula. Manaja ya ɗora hoton kusa da katin aikin ƙanina, direbansu, ya duba ya duba, ya ce shi ne. A ranar aka kore shi.

Na shiga ofishin raina a ɓace, na bar ƙanina a bakin get.

"Ranka ya daɗe, hoton katin nan ni na ɗauka, shekara goma sha biyu ke nan. Lokacin ko gemu ba shi da shi, kumatu kamar na jariri. Da shi za ka auna mutumin yau?"

"Malam mai hoto, ina da ido," in ji manaja. "Dubi goshin. Dubi ramin idon."

"Goshin? Kyamararku daga sama take leƙo mutum, kowa ta ɗauka sai goshi ya faɗaɗa, haɓa ta tsuke. Ƙwan lantarki kuma a tsakar ka yake, dole ido ya faɗa rami. Kai ma ka tsaya a wurin, haka za ka fito."

Ya yi tsaki. Wallahi ji na yi kamar in kifar da teburin.

Sai na zaro hotuna biyu na ajiye masa. Ɗaya da waya na ɗauka, dab da fuska, a ƙarƙashin ƙwai: hanci ya kumbura, kunnuwa sun maƙale a baya. Ɗayan daga nesa da kyamara mai dogon gilashin jawo hoto, a bakin taga: fuska shimfiɗe, kunnuwa a fili.

"Wanne ne direbanka?"

Ya dangwala yatsa a kan na farko. "Ga ɓarawon nan. Wancan ban san shi ba."

"Duk shi ne. Yau da safe, minti goma tsakaninsu. Ka duba rigar."

Ya duba rigar. Ya daɗe yana dubawa. Na ce a raina, to, mai ido.

"A binciki wanda ya karɓi makulli ranar," na ce. "A tambayi inda motar ƙanina take a lokacin. Wannan shi ne bincike."

Manaja ya turo mini hotunan ba tare da ya kalle ni ba.

"An riga an sa hannu a takardar korarsa. Hoton siton ma na tura wa sauran kamfanoni tun jiya, da sunansa a ƙasa."

Na kwashe hotunana na fito. Ƙanina ya miƙe daga kan benci, yana kakkaɓe wando.

"Yaya, ya gane? Gobe in fito aiki?"

Na ce masa ya hau babur mu tafi gida.