Goben Lami

A Unguwar Sarki, cikin wani ɗaki mai rufin kwano da ke jikin makarantar elementare, Malama Saratu ke riƙe da 'yan shekara biyar, yawancinsu 'ya'yan akawunan sakatariya. Ba ta da bulala, amma tana da kafiya. Abin da ta sa a gaba, sai ta ga ƙarshensa.

Kalandarta da hannunta ta yi ta. Kwalin sabulu ne ta shafe da farin fenti, ta kafa ƙusoshi uku a jere: na jiya, na yau, na gobe. A sama akwai ƙusar watan Bature, kusa da ita ta watan Musulunci, don kada yaro ya koma gida ya yi wa kakansa gardama. Da yake ba wanda ya iya karatu tukuna, kowace rana da launin katinta. Kullum da safe in an gaisa, sai a rera kwanakin mako daga Lahadi zuwa Asabar ana tafi. Sannan mai rana ya fito, ya sauke katin jiya, ya matsar da na yau gurbinsa, ya ɗauko na gobe ya rataya a tsakiya, ya zaɓo sabon gobe daga cikin kwando. Ya sa lambar kwanan wata, aji duka su faɗi da ƙarfi.

Wanda aka haifa ran nan, shi ke da rana. Talatu ta san Talata tata ce, Balaraba kuwa har dambe take yi in wani ya taɓa katin Laraba. Ta haka kwanakin suka zauna musu, don ba yaron da ke manta abin da aka ce nasa ne.

Sai Lami 'yar Malam Maliki akawu. Alhamis tata ce, amma ba ta taɓa yarda ta fito ba. Ran da Malama ta jawo ta da lallashi, yarinyar ta tsaya gaban kwalin ta dafe katin gobe da tafin hannunta, ta ƙi sakinsa.

"Matsar da shi mana, Lami. Gobe ta zo, ta zama yau."

"Ba ta zo ba."

"Ta zo. Ai kin kwana kin tashi."

"In ta zo, ina Innata?"

Sai Balaraba da ba ta iya riƙe baki ta ce ai Innar Lami ta tafi tun kafin Mauludi. Lami ba ta yi kuka ba. Ta koma tabarmarta ta zauna, kuma wannan shirun ne ya fi ƙona wa Saratu rai.

Bayan la'asar ta yafa mayafi ta nufi gidan su Lami. Ta tarar da Iya Hansai, uwar Malam Maliki, tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Suka gaisa har da tambayar ƙafar da ke damun tsohuwar, sannan Saratu ta kawo maganar da ta zo da ita.

Iya Hansai ta ajiye faifai. "Auren ya mutu, 'yar nan. Uwarta Mero tana unguwar Kawo gidan wanta, idda ma ta ƙare. Yarinya kuwa kullum da dare sai ta tambaya. Me zan ce mata? Na ce gobe, ta yi barci."

"Iya, ni kuma kullum da safe ina koya mata gobe tana zuwa. Ɗayanmu ke mata ƙarya, kuma ta ɗauka ni ce."

"Kai, yaran zamani! Mu da aka yi ta ce mana gobe, me ya same mu? Za ta manta."

"Ba ta manta ba, Iya. Jira take."

Ana haka Malam Maliki ya shigo da kekensa, da alama ya ji rabin maganar daga zaure. Mutum ne mai guga a riga da guga a fuska. Ya ce shi Lahadi da Litinin ya kai 'yarsa ta koya, bai kai ta don a bi diddigin gidansa ba. In abin ya gagara, akwai gida, ta zauna.

Saratu ta san yana iya aikatawa, kuma in ya cire yarinyar shi ke nan, an bar ta da goben da ba ta zuwa. Amma ba ta tashi ba.

"Malam, ka yi haƙuri, ban zo gyara aure ba, ba hurumina ba ne. Lahadi da Litinin ɗin nake roƙo. Ka ba ta rana guda mai suna wadda za ta ga uwarta. Rana guda, kowace ce. Sauran aikina ne."

Ya jingina keke ya shige ɗaki.

Washegari Lami ba ta zo ba, mako mai zuwa ma haka. Da Alhamis ta zagayo, Saratu da kanta ta matsar da katin, ranta a ɓace. Ta koma gidan, ba a ce mata komai ba sai sannu da zuwa. Ta sake komawa, wannan karon da ƙananan katuna bakwai da ta yanka, ta ba Lami a gaban kakarta, ta nuna mata yadda za ta jera su a bakin taga. Iya Hansai tana kallo tana gunaguni, wai malamar nan ta fi ƙuda naci. Amma tsohuwar ce dai, da ta gaji da ganin jikarta na juya katuna ita kaɗai, ta tare ɗanta bayan sallar asuba. Abin da suka ce Saratu ba ta ji ba. Ran Litinin ta ga Lami a ƙofar aji, Iya Hansai na riƙe da hannunta.

"Ya ce Juma'a," in ji tsohuwar. "In an sakko masallaci zai ɗauke ta a keke. Ke kuma sai ki bar mu mu sha iska."

Saratu ta durƙusa gaban yarinyar. Ba ta ɓoye mata ba: Inna ba za ta dawo gidan ba, amma Lami za ta je wurinta. Ta ɗauko koren katin Juma'a daga kwando ta nuna mata, ta sa ta bi kwanakin da yatsa, Litinin, Talata, Laraba, sannan ranarta, sannan wannan. Lami ta dubi katin da ido irin na wanda aka sha yaudara. Talata ta zo ta ga na gobe ya matsa tsakiya. Laraba ma haka.

Alhamis ɗin ta faɗo ɗaya ga wata, aiki biyu ke nan. Aka rera watanni daga Janairu har Disamba, Malama ta ɗaga Lami ta sauke Fabrairu ta rataya Maris. Rajab na nan a ƙusarsa, sai an ga jinjirin wata zai sauka. Sannan yarinyar ta tsaya gaban ƙusoshin uku. Ta matsar da Laraba, ta jawo Alhamis tsakiya, ta sa hannu a kwando ta lalubo koren katin ba wanda ya nuna mata.

"To, faɗa mana," in ji Malama.

"Jiya Laraba. Yau Alhamis, ɗaya ga Maris." Ta tsaya, ta juyo. "Malama, in na kwana na tashi?"

"In kin kwana kin tashi, in Allah ya yarda."

Saratu ta ji hawaye na neman kunyata ta gaban yara, ta yi kamar tana gyara ɗankwali. Lami ta rataya katin, ta danna shi da babban yatsa don kada ya faɗi.

"Gobe Juma'a," ta ce, har 'yan aji ɗaya da ke maƙwabtaka suka jiyo ta.