Faɗin Ƙofar Banɗaki

Amsar otal ɗin ta iso kafin shayin Yaya ya huce, kuma saurin nan shi ya fara ɓata mata rai.

Yaya tela ce, shekara talatin tana ɗinki, takwas daga ciki a kan keken guragu tun bayan hatsarin mota. Ɗanta zai karɓi digiri a wata ƙasa, ta kuma rantse da idonta za ta gani. Saboda haka ta zauna a shago ta rubuta wa otal imel da tambayoyi shida: ko akwai matakala a ƙofar shiga, girman lif ɗin hawa bene, tsayin gado, ƙarfen riƙewa a gefen masai, ko wurin wanka yana da dakali, sai babbar tambaya, faɗin ƙofar banɗaki idan an buɗe ta. Kekenta santimita sittin da takwas ne daga taya zuwa taya.

Amsar layi biyu ce: otal ɗinsu ya dace da kowa, suna ɗokin zuwanta.

"To alhamdulillahi," in ji ƙanwarta, wadda za ta raka ta tafiyar. "Sai mu kama ɗakin."

"Tambaya shida, amsa ko ɗaya babu lamba a ciki. Ke in kin kawo yadi na ce miki rigar za ta dace da kowa, za ki bar mini shi?"

"Yaya, ke dai ba kya yarda da mutane."

Gaskiya ne, ba ta yarda, kuma da dalili. Shekara uku da suka wuce wani otal ya ce mata komai lafiya. Da ta isa, ƙartai biyu suka ɗaga ta da kekenta suka hau matakala, baƙi na kallo. Kwana huɗu keken bai shiga banɗaki ba, a bakin gado ƙanwar ta riƙa goge mata jiki da bokiti. Har yau in ta tuna sai kunya ta rufe ta. Ba za a sake ɗaukarta kamar buhu ba, balle a gaban ɗanta da abokansa.

Ta sake rubutawa: a taimaka a ɗora tef ɗin awo a ƙofar, a turo hoto.

Washegari da hantsi hoton ya zo. Ga ƙofa, ga hannun wata mace riƙe da tef, ga lamba tamanin ɓaro-ɓaro. Ƙanwar har da tafi. Yaya kuwa ta gyara tabarau, ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta yi tsaki.

"Ina kan tef ɗin?"

"Ga shi can mana."

"Can ina? Ya fita daga hoto. Daga bayan katakon ƙofa suka faro, kuma ƙyauren a rufe yake. In an buɗe, kaurinsa ma zai ci nasa wurin. Ni za a yi wa wayo da tef?"

"Kai Yaya! Saura kwana tara, ɗakunan garin duk sun kusa cika. Ko santimita biyu ne, ai sai in kama miki."

Yaya ta dube ta, ta ce a hankali, "Ba na so a kama mini."

Imel na uku gajere ne: a buɗe ƙofar, a auna daga jikin ƙyaure zuwa katako. Kwana biyu ba amsa. Yaya ta ɗinka hannun riga a juye, abin da ko a zamanin koyo ba ta yi ba.

Ran na uku saƙo ya shigo, amma ba daga adireshin otal ba. Wata mata ce, ta ce ita ce shugabar masu gyaran ɗakunan otal ɗin, hannunta ne a hoton, yadda aka ce ta riƙe tef haka ta riƙe. Ta koma ta auna: sittin da huɗu ne, keken ba zai shiga ba. Mahaifinta ma a keke yake, abin ya tsaya mata a rai. A lokacin hutunta ta tsallaka titi zuwa wani ƙaramin otal, ta roƙi a buɗe mata ɗakinsu na ƙasa. Ga hotuna shida.

Yaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana neman inda za ta kama ƙarya. Kan tef a fili, ƙyaure a buɗe, tamanin da biyu. Wurin wanka ba dakali. Har gadon an auna daga ƙasa zuwa saman katifa. Ta koma farko ta sake bi, ba ta samu komai ba, sai idonta ya cika da ƙwalla.

"Yanzu dai kin yarda?" in ji ƙanwar.

Yaya ta share ido da gefen ɗankwali, ta jawo littafin awo.

"Kama ɗakin. Sannan ki tambayo mini faɗin kafaɗar matar nan da tsayin hannunta, riga zan ɗinka mata. Ki ce ta auna da kanta, wannan awonta na yarda da shi."