Koren Zaren da ke Hoto

Mai Zare, kamar yadda masu sayen kayanta suke kiranta, mace ce da ba ta iya ganin abu ta bar shi ba ta san dalilinsa ba. A ɗakin baya na gidanta take sana'ar sayar da zaren saƙa ta intanet, ƙanwarta na taya ta ƙunshewa. Babban abin alfaharinta shi ne ba ta taɓa cutar mai saye ba, kuma takan faɗi hakan ko ba a tambaye ta ba.

Akwai wani ƙunshi da ta sa wa suna "Zaren saƙa, guda huɗu, kala-kala". Ba ta sayar da ɗaiɗai, don kuɗin aikawa yana cinye ribar. A hoton akwai ja, shuɗi, fari da kore, amma ƙanwar takan zuba duk kalar da hannunta ya kai. A ganinsu, ai an ce kala-kala.

Sai ga wani mutum ya matsa wa ƙunshin nan da saye. Kaya na isa, bayan 'yan kwanaki ya sake yin oda, babu yabo babu ƙorafi. Ƙanwar ta ce a bar bawan Allah ya kashe kuɗinsa, wa ke tuhumar ciniki? Ita kuwa Mai Zare abin ya tsaya mata a rai. Da mai shago ne da ya nemi ragi, da kuma mai saƙar gaske ne da ya zaɓi kala. To shi me yake yi da su?

Ranar da odarsa ta sake shigowa ta kasa daurewa, ta kira lambar. Ashe direban babbar mota ne, zare kuma na mahaifiyarsa ne. Ya ce tsohuwar tana saƙa wa jikanta rigar sanyi koriya, saura hannu ɗaya zaren ya ƙare, ga idonta kullum ƙara rauni yake, tana so ta gama tun tana gani. Ya zaga kasuwa bai samu irinsa ba, sai a hoton Mai Zare.

"To, malam, me ya hana ka faɗa?"

"Na ɗauka sa'a ce, Hajiya. Tunda yana cikin hoto, na ce wata rana zai faɗo a namu. Kuma mun san kuna da shi."

Koren nan ya ƙare mata tun tuni, masu kawo mata ma sun daina yin sa. Ta tambaye shi ina suka san tana da shi.

"Ai da shi kuke ɗaure mana kayan. Inna takan hana a yanka, ta kwance a hankali ta ƙulla da na baya. Har ta ɗan ja hannun rigar da shi."

Mai Zare ta waiwaya. Ƙanwarta na kan tabarma tana ɗaure wani kwali, ga ƙwallon koren zare a gefen ƙafarta. Wanda aka ɗauki hoto da shi ne, an cire masa takarda, shi ya sa ta mai da shi igiya. Ya rame, bai fi ƙwai ba.

Kunya ta rufe Mai Zare. Ba ta yi wa kowa ƙarya da baki ba, amma hotonta ya yi, ya kuma daɗe yana yi.

Kafin ta ci abincin rana ta sauke hoton. Ta jera kaloli huɗun da take da su da gaske ta ɗauki sabon hoto. Sunan ya koma "Zaren saƙa, guda huɗu, kowanne giram hamsin: ja, shuɗi, fari, ruwan ɗorawa". A ƙasa ta rubuta cewa abin da ke hoto shi za a samu, farashin na duka huɗun ne, ga kuma yadda kowane ɗaya ya kama. Ta buɗe wurin sayen ɗaiɗai, da ɗan tsada kaɗan, ta bayyana dalili. Ƙanwar tana ta mita wai an ƙara mata aiki.

Ta sake kiran direban ta ce ya dawo da waɗanda ba a taɓa ba a mayar masa da kuɗinsu. Sannan ta ɗauki ɗan ƙwallon koren ta juya shi a tafin hannu, tana auna hannun rigar yaro a ranta. Ba ta tabbata zai isa ba.

Sai ta durƙusa gaban kwalayen da aka gama ɗaurewa, waɗanda ke jiran mai babur. Ƙanwar ta miƙo mata almakashi.

"Kar ki yanka," in ji Mai Zare. "Zo ki taya ni kwancewa."