Bishiyar Inna da Mai Girma Darakta

A gidan surukaina ni ne mai biro. Na taɓa aikin akawu a wata makaranta, tun daga nan duk takardar da ke son ladabi wurina ake kawo ta. Ban taɓa gaya musu cewa rabin aikina a can buga jadawalin jarrabawa ne ba.

Bishiyar da ke bakin titi, jikin ɗakin surukata Inna, ta fara karkata. Saiwarta ta ɗaga ƙasa, reshe ɗaya ya kwanta kan kwanon ɗakin. Ta gwamnati ce, ba a sare ta sai ofishin kula da muhalli ya yarda. Inna kuwa ta ce ba inda za ta, a ɗakin ta haifi 'ya'yanta.

Auta, ƙanin matata, ya rubuta wa ofishin imel. Allah ya sa kafin ya aika ya turo mini, har da hoton bishiyar.

"Manya, ya ne? Ku daina kwasar barci a ofis. Bishiya na shirin murƙushe mana tsohuwa. Layin bayan asibitin yara, gida mai jan ƙofa, kusa da mai faci. Ku zo ku kwashe abarku, ba wasa."

Na kira shi. "Auta, Darakta kake wa magana ko abokin kallon ƙwallonka?"

"Yaya, ai gaskiya na faɗa."

"Gaskiya ma wanka ake mata kafin ta shiga ofis."

Na gyara zaman tabarau. A taken saƙo na sa "Neman Izinin Sare Bishiya". "Manya, ya ne" ta koma "Zuwa ga Mai Girma Darakta. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri". Barcin ofis na mayar da shi "duk da ɗimbin ayyukan da ke gabanku". Murƙushe tsohuwa ya zama "ta fara nuna alamun karkata". Mai faci kuwa na ga bai dace ya tsaya a layi ɗaya da Darakta ba, na cire shi tare da jan ƙofar da asibitin, da niyyar in tambayi lambar gidan. Daɗin "naku mai biyayya" ya ɗauke mini hankali, ban tambaya ba.

Na karanta wa matata. Ta ce, "Ya yi daɗi, Baban yara. Amma kamar bishiyar ba ta sauri."

Na ce mata ba ta san harkar gwamnati ba.

Don kada in rasa hoton, sai na buɗe saƙon Auta na danna inda ake tura saƙo gaba, na liƙa nawa a sama, na aika. Abin da ban duba ba shi ne, in ka tura saƙo gaba, tsohon rubutun na nan a ƙasa, yana biye da kai kamar jela.

Ranar da jami'in ofishin ya zo, ina gidan Inna. Dattijo ne mai faffaɗan fayil. Ya zagaya bishiyar, ya taka saiwar, ya ɗaga kai ya dubi kwanon.

"Wane ne ya ce muna kwasar barci?"

Auta, ɗan albarka, ya nuna ni da baki. "Daga akwatin imel ɗinsa ya fito, ranka ya daɗe."

Na fara bayani da irin Hausar da nake rubutu. Jami'in ya ɗaga hannu.

"Malam, na karanta duka biyun. Na saman ya gaishe ni sosai, amma bai gaya mini inda zan je ba. Na ƙasan ya zage ni, ya kuma kawo ni har ƙofar gida. Da shi kaɗai ya zo, sakatariya ba za ta kai wa Darakta ba. Yanzu ma ba zan sa shi a fayil ba, kuma sai da fayil za a ba da izini. Ku sake rubutawa, sabon saƙo fil."

A kan tabarmar Inna muka sake rubutawa, jami'in yana tsaye. Na bar gaisuwar a layi ɗaya. Sai sunana da dangantakata da mai ɗakin, lambar gida da layi, har da mai facin, wanda ya dawo da mutuncinsa a matsayin "daura da shagon gyaran taya". Na rubuta cewa bishiyar na iya faɗowa kan ɗakin da dattijuwa ke kwana, muna roƙon a duba cikin gaggawa. Na haɗa hoto, na sa lambar waya, na yi godiya. Kafin in aika, Auta ya karɓi wayar ya ja har ƙasa.

"Ba jela, Yaya. Aika."

Kafin mako ya zagayo ma'aikata suka zo da zarto mai inji. Inna ta zauna a kan kujera tana kallo har reshen ƙarshe ya sauka, kwanonta bai ko lotsa ba. Sannan ta kira ni gefe.

"Allah ya yi maka albarka. Amma na ji an ce ka zagi hukuma. Da girmanka, ɗan nan? Ka riƙa ba Auta yana duba maka."