Zane ɗaya a jikin sirinji

Saura kwana huɗu taron ma'aikatan lafiya, masu shirya shi suka turo saƙo: jawabinta na minti ashirin ya koma cikin gajerun jawabai. Minti uku, ƙararrawa na kaɗawa a kashe makirufo.

Mai haɗa magunguna ce a asibitin yara. Shekara biyu tana bin iyaye mata tana duba yadda suke auna maganin ruwa a gida, kuma so take a san ta yi. Don haka ba ta cire ko shafi ɗaya ba cikin ashirin da biyu. Ta ƙanƙanta rubutun, ta ƙara wa bakinta gudu.

Lokacin hutun rana ta ja babbar nas zuwa ɗakin ajiyar magani, ta miƙa mata waya ta riƙe lokaci, ta zuba jawabin kamar ana korar ta.

"Minti bakwai," in ji babbar nas.

"To, Anti, me kika riƙe?"

"Na riƙe cewa kin sha wahala."

Maganar ta yi mata zafi, don gaskiya ce. Rabin jawabin shaidar wahalarta ne.

"In mutum ya fito daga zauren taron, me kike so ya canja ranar Litinin?" in ji babbar nas.

Ta ce, "Kafin ya ba uwa magani, ya ja zane a jikin sirinjin, daidai inda za ta tsaya."

"To ina wannan yake?"

Yana shafi na goma sha tara.

Ta zauna kan kwali ta fara yanka. Tarihin matsalar ya tafi, jadawali shida suka bi shi. Da ta kai shafin gidajen da ta taka da ƙafarta, hannunta ya ƙi. Sai da ta ɗan jima tana kallon shafin kafin ta goge. Abin da ya rage hoton sirinji mai zane ne da lamba ɗaya: kuskuren awo ya ragu da rabi.

Ranar taron ita ce ta tara cikin mutum goma sha biyu. Ta ɗaga sirinji mai zane, ta yi magana a tsanake, ta sauka kafin ƙararrawa. Ba lokacin tambaya, na goma har ya kama makirufo.

A layin shayi ta ji wata a gabanta tana ba abokin aikinta labari.

"Ka yi asara da ka fita. Zane kawai za mu riƙa ja a sirinji. Ranar Litinin zan sa a fara."

"Wa ya faɗa?"

"Wata ce dai. Wallahi ban riƙe sunanta ba."

Abin ya sosa mata rai. Ta buɗe baki za ta ce ita ce, sai ta ji matar tana maimaita bayanin daidai, ba ta rage komai ba. Ta ɗauki kofinta ta bar ta ta ƙarasa.